Teɓa na nan, hannuwa sun rame: ana iya gina tsoka a rage kitse lokaci guda?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 31, ina zaman shago a kasuwa a Kano tun safe har magariba. Tsayina santimita 175, nauyina ya kai kilo 84, kuma kusan duk a ciki ya taru, don hannuwana da ƙafafuna sirara ne. Wata biyu ke nan na daina cin abincin dare, ina sassarfa bayan asuba, ina kuma yin motsin ciki sau hamsin kullum. Yanzu na dawo kilo 80, amma teɓar na nan, hannuwa sun ƙara ramewa, ga kasala. Wani abokina ya ce sai na ci na yi jiki tukuna sannan in fara ɗaga ƙarfe, wani kuma ya ce sai na gama ramewa. Shin ba a iya yin biyun tare? Ban taɓa ɗaga ƙarfe ba, kuma ba ni da kuɗin garin furotin na gwangwani.

Magidanci daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana iyawa, kuma kai kana cikin mutanen da abin ya fi yi wa sauƙi. Shawarar abokanka ta waɗanda suka shekara da shekaru suna ɗaga ƙarfe ce. Su tsokarsu ta kusa kai iyakarta, kitsensu kuma kaɗan ne, shi ya sa suke raba shekara biyu, watannin ci da watannin ragewa. Wanda bai taɓa ɗaga nauyi ba, ko ya daɗe da bari, kuma yana da kitse a jiki, ba ya bukatar wannan rabon a watanni shida zuwa shekarar farko.

Kitse rumbu ne da jiki ya cika don ranar rashi. Idan ka ɗan rage abinci, jiki zai buɗe rumbun ya ɗebi ƙarfin da yake bukata, har da ƙarfin da zai yi aikin gina tsoka. Amma abu biyu ba sa cikin rumbun. Ba shi da furotin, wato sinadarin da ake ƙera tsoka da shi, wannan sai daga abinci. Ba shi kuma da dalilin da zai sa jiki ya riƙe tsoka ko ya ƙara ta, wannan sai tsokar ta sha aikin da ya fi wanda ta saba. Idan aka rage abinci sosai, furotin ya yi ƙaranci, kuma ba a ɗora wa tsoka nauyi ba, jiki yakan cinye kitse da tsoka tare. Abin da hannuwanka suke gaya maka ke nan. Motsin ciki kuwa yana ƙarfafa naman da ke ƙarƙashin teɓa ne, ba ya narkar da kitsen da ke samansa, domin jiki ba ya ɗebo kitse daga wurin da ake motsawa. Daga ko'ina yake ɗeba, kuma ga yawancin maza na ciki ne yake jinkirin tafiya.

A 2016 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun gwada wannan a kan samari 40 masu ɗan jiki. An rage musu abinci da kashi 40 cikin ɗari na tsawon mako huɗu, suna atisaye mai tsanani kwana shida a mako. Rabinsu an ba su furotin giram 2.4 a kan kowane kilo na nauyinsu, ɗaya rabin giram 1.2. Masu furotin da yawa sun rasa kitse kusan kilo 4.8, naman jikinsu mara kitse ya ƙaru da kusan kilo 1.2. Sauran sun rasa kitse kilo 3.5, naman jikinsu kuma ya tsaya kusan inda yake. Kada ka kwaikwayi tsananinsu, don su dafa musu ake yi, ana tsaye a kansu, kuma wata ɗaya kawai suka yi. Mai iyali da shago hanyar da zai iya riƙewa wata shida yake bukata.

Mu fara da ɗaga nauyi, domin shi ne babban abin da tsarinka ya rasa. Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba, minti arba'in da biyar kowane zama. Idan akwai gidan motsa jiki kusa da kai kuma kuɗinsa bai fi ƙarfinka ba, je can. Idan babu, jarka mai lita 20 da ƙananan jarkoki biyu masu lita 5 za su kai ka wata biyu ko uku. Amfanin jarka shi ne lissafinta a fili yake: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka kullum ka san abin da kake ɗagawa, kuma kana iya ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Motsi biyar nake so ka riƙe, ka maimaita su a kowane zama. Na farko tsuguno: ka rungume jarkar a ƙirji, ƙafafu a buɗe daidai kafaɗa, ka sauka har cinyoyinka su yi daidai da gwiwa, diddige na ƙasa, sannan ka miƙe. Na biyu sunkuyo: ka riƙe jarkar a gabanka, ka tura ƙugu baya kamar mai shirin ruku'u, baya a miƙe, har ka ji bayan cinya ya ja, sannan ka miƙe da ƙarfin ɗuwawu. Wannan shi ne wanda sababbi suka fi ɓatawa, suna lanƙwasa gadon baya maimakon ƙugu, don haka ka fara shi da rabin jarka har jikinka ya gane hanyar. Na uku ture ƙasa irin na sojoji, ka kifa ciki ka dafa ƙasa ka ɗaga jikinka a miƙe. Idan ba ka iya takwas masu kyau ba, ka dafa benci ko gefen gado, daga baya ka sauko ƙasa. Na huɗu ja: ka dafa benci da hannu ɗaya, ka jawo jarka da ɗayan zuwa gefen haƙarƙari, wannan shi yake gina baya da dantse. Na biyar ka ɗaga ƙananan jarkokin daga kafaɗa zuwa saman kai.

Kowane motsi ka yi shi zubi uku, kowane zubi sau 8 zuwa 12, ka huta kamar minti biyu tsakanin zubi da zubi. A makon farko da na biyu zubi biyu ma ya isa.

Yanzu ga inda yawancin mutane suke rasa ribar wahalarsu. Nauyin dole ya kai ka kusa da gazawa. A zubi mai kyau, ɗagawa shida na farko suna tafiya sumul, ta takwas ka ji numfashi ya sauya, ta goma jarkar ta fara tashi a hankali ko da kana turawa da iyakar ƙarfinka, cinya tana ɗan rawa. A nan za ka tsaya, lokacin da ka san saura biyu ko uku ka kasa. Idan ka ajiye jarkar kana jin za ka iya ƙara goma, ɗumama jiki kawai ka yi. Sannan dole aikin ya riƙa ƙaruwa. Ka sami ɗan littafi irin na rubuta bashi, ka rubuta kowane zama. A ce ranar farko ka yi tsuguno da lita 12, ka sami 10, 9, 8. Zama na gaba ka nemi 11, 10, 9. Ranar da ka cika 12 a zubi ukun duka, sai ka ƙara lita biyu, adadin zai faɗo zuwa takwas ko tara, ka sake hawa. Ƙafa tana saurin fin ƙarfin jarkar ruwa. Idan hakan ta faru ka cika ta da yashi, za ta kai kusan kilo 30, ko ka koma tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a kan benci a baya. Wanda ya yi wata uku yana ɗaga nauyi ɗaya sau adadi ɗaya, jikinsa ya daina sauyawa tun watan farko.

Za ka ji tsamin jiki kwana ɗaya zuwa uku bayan zaman farko, har saukowa daga bene ta yi wuya. Wannan ba rauni ba ne, kuma yana raguwa sosai bayan mako biyu. Ciwo mai suka a cikin gwiwa, kafaɗa ko ƙashin baya shi ne abin tsayawa a duba. Sassarfar asuba kuma ba sai ka bar ta gaba ɗaya ba, tana da amfani ga zuciya. Ka mayar da ita kwana biyu a mako, ko ka musanya ta da tafiyar ƙafa ta minti talatin, wadda ta fi dacewa da mai wuni a zaune.

Sai abinci, kuma abu na farko shi ne ka dawo da cin dare. Namiji mai shekarunka da tsayinka da nauyinka, wanda yawancin wuninsa a zaune yake, yana ƙona kusan kalori 2,400 a rana, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Wannan ƙiyasi ne, zai iya ɗara haka ko ya gaza da ɗari biyu. Giɓin da kake bukata ƙarami ne, kalori 300 zuwa 400 a rana, wato ka ci wajen 2,000 zuwa 2,100. Idan giɓin ya kai 500 ya wuce, ƙaruwar tsoka takan tsaya ga yawancin mutane, ko da suna ɗaga ƙarfe yadda ya kamata. Ba sai ka riƙa auna kowace loma ba. Ka dubi inda kalori yake shiga ba tare da ya ƙosar da kai ba. Kwalbar lemo mai rabin lita tana da kusan kalori 200. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kusan 120 ne. Ka tsaya gaban mai shayi ka kalli hannunsa lokacin da zai soya ƙwai: yakan karkata robar mai har kaskon ya yi tafki, ƙwai uku su shanye shi tas, sannan ya zuba sukari cokali uku ko huɗu a kofi. A wannan karin kumallon kaɗai, mai da sukari sun kai giɓin da muke nema. Ka ce masa ya ɗiga man kaɗan, ko ka sayi dafaffen ƙwai, sukari kuma cokali ɗaya. Haka shinkafa da wake: man da ake kwararawa a kai ya fi shinkafar kanta saurin tara teɓa.

Furotin shi ne wurin da ya kamata ka yi lissafi na gaske, ko da na mako ɗaya ne, har idonka ya saba. Abin da ake nema shi ne kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Kai da kake kilo 80, giram 128 ke nan, mu ce 120 zuwa 130 a rana, a rabe gida uku ko huɗu. Yawancin cimarmu ta tuwo, shinkafa, taliya da burodi, da yankan nama ɗaya ko biyu a miya, ba ta kaiwa nan, shi ya sa sai an yi niyya.

Ga yadda wuni ɗaya zai iya kasancewa. Da safe ƙwai uku, kowane yana da kusan giram 6, da shayi mai madara da burodi yanka biyu, ka sami wajen 25. Da rana shinkafa da wake, amma a juya ma'aunin, wake ya fi shinkafa yawa. Dafaffen wake yana da kusan giram 8 a kowane giram 100, don haka ludayi biyu cikakku za su ba ka kusan 20, ka ɗora yankan kifi mai girman tafin hannu, wani 20 ke nan. Da la'asar, lokacin da hannu yake kai wa ga lemo da biskit, ka sha kindirmo ko nono rabin lita ba sukari, kusan giram 17, da awara yanka huɗu ko biyar, wajen 12. Da dare malmalar tuwo ɗaya madaidaiciya maimakon biyu, miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta ganye da yawa, da nama ko kaza mai girman tafin hannu, wajen 30 gaba ɗaya. Idan ka tara, ka haura 120, kuma ba ka taɓa gwangwanin kowa ba.

Na san nama da kifi kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai ciyar da gida. Ranar da babu, waken suya ne mafi arhar furotin da muke da shi, busasshensa ya haura giram 35 a kowane 100, kuma furotin ɗinsa mai kyau ne. A yi awara a gida, a dafa ta cikin miya ko a gasa maimakon a tsoma ta a mai. Alale da ƙwai, ɗanwake da ƙwai ba tare da an malale shi da mai ba, busasshen kifi a miya, duk suna cike gurbi. Gyaɗa ce nake so ka yi hattara da ita. Tana da furotin, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka cin ta a zaune a shago yana iya shafe giɓin wuni guda. Ƙuliƙuli ya fi ta, tunda an matse yawancin man. Tsire da balangu ma suna da kyau idan ka ce a yanko maka tsoka zalla, a bar kitsen.

Barci yana cikin aikin. Awa bakwai ko fiye nake so ka samu, kuma ga mai tashi asuba wannan yana nufin kwanciya wajen ƙarfe goma. Mai ƙarancin barci idan ya rage abinci, yunwarsa takan ƙaru, kuma kason tsoka a cikin abin da yake rasawa yakan fi yawa. Idan kana azumin Litinin da Alhamis, ka matsar da atisayen ranar zuwa bayan buɗa-baki, ka raba furotin ɗin tsakanin buɗa-baki, bayan isha'i da sahur.

Akwai abin da nake roƙonka da ka nisanta. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da yawansu suna ɗauke da maganin da ake kira dezametason. Shi wannan kishiyar abin da kake nema yake yi: yana kumbura fuska, yana tara kitse a ciki, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, yana kuma iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Alluran ƙara tsoka da wasu ke sayarwa a ɓoye a wuraren ɗaga ƙarfe suna taɓa hanta da zuciya, suna kuma rage ƙwayoyin haihuwar namiji. Shayin rage teɓa yawanci gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne yake fita. Bel ɗin ɗaure ciki kuma gumi kawai yake jawowa.

To yaya za ka san tsarin yana aiki? A nan ne mutane da yawa suke karaya, domin sikeli ba ya bambance kitse da tsoka da ruwa. Giɓin kalori 350 a rana yana cire kusan sulusin kilo na kitse a mako, tunda kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da wajen kalori 7,700. A mako goma sha biyu, kusan kilo huɗu ke nan. A daidai wannan lokacin, sabon shiga da ya riƙe atisaye da furotin zai iya ƙara kilo ɗaya zuwa biyu na tsoka. Sikeli zai nuna ka sauko daga 80 zuwa 77 ko 78 kawai, abin da ka taɓa yi a wata ɗaya da yunwa. A makonni biyun farko ma nauyin zai iya hawa da kilo ɗaya, saboda ka dawo da cin dare kuma tsokar da ta fara aiki tana riƙe ruwa. Kada wannan ya sa ka koma yunwa.

Tef ɗin tela ya fi sikeli gaya maka gaskiya. Duk ranar Juma'a da safe, bayan ka zaga kafin ka ci komai, ka auna cikinka daidai cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba, ka rubuta a littafin nan. Ka auna dantse ma sau ɗaya a wata. Idan cikin ya fara a santimita 96, ina sa ran ganin 91 ko 92 bayan mako goma sha biyu, dantse kuma ya tsaya ko ya ɗan ƙaru. Inda za ka nufa a hankali shi ne awon ciki ya gaza rabin tsayinka, wato ƙasa da santimita 87 ko 88. Nauyi kuwa ka hau sikeli sau uku a mako da safe, ka ɗauki matsakaicin, don awon rana ɗaya yana iya yin sama ko ƙasa da kilo guda saboda gishiri ko ruwa kawai.

Bayan kowane mako huɗu ka zauna da littafin ka dubi abu biyu tare, awon ciki da nauyin da kake ɗagawa. Idan ciki yana raguwa, ƙarfi yana ƙaruwa, kada ka taɓa komai, ko da sikeli bai motsa ba. Idan ƙarfi yana ƙaruwa amma ciki ya tsaya cak wata guda, abincin ya yi yawa, sai ka rage kamar kalori 150 zuwa 200, ludayin shinkafa ɗaya ko cokalin mai ɗaya da rabi, ka bar furotin yadda yake. Idan kuwa nauyinka yana zubewa fiye da rabin kilo a mako a kai a kai, lambobin littafin suna komawa baya, kasala ta dawo, barci ya lalace, to ka matse da yawa, ka mayar da rabin malmalar tuwo. Idan babu abin da ya motsa ta kowane ɓangare, kusan kullum atisayen ne bai kai ba, ana tsayawa da wuri ko ana tsallake kwanaki. Ka sani kuma ƙarfin da za ka gani a watan farko yawancinsa jijiyoyi ne suke koyon aikin, girman tsoka da ido zai gani sai wajen wata na biyu zuwa na uku.

Kafin ka fara, ka tsaya a asibiti ko kemis a auna maka jini, tunda teɓa da hawan jini sukan zo tare ba tare da wata alama ba, idan da hali a duba sukari ma. Lokacin ɗagawa kada ka riƙe numfashi, ka fitar da shi yayin da kake turawa. Mai ciwon ƙoda ba zai ɗauki wannan adadin furotin ba sai da izinin likitansa, haka mai ƙaba ko ciwon zuciya ba zai fara ɗaga nauyi ba sai an duba shi.

Wannan garaɓasar ta sabon shiga tana raguwa bayan wata shida zuwa shekara. Alamarta ita ce ka ga wata biyu sun wuce lambobin littafin ba su ƙaru ba, alhali kana barci, kana cin furotin, ba ka fashi. Idan a lokacin cikinka ya sauko kusa da 87, sai ka rufe giɓin, ka ƙara kalori 200 zuwa 300 a kan abin da kake ƙonawa, ka ci gaba da ƙara nauyi. Idan kuma bai sauko ba, ka riƙe giɓin na wasu makonni takwas tukuna, kana ɗaga nauyin da ka kai don kada tsokar da ka samu ta zube. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwa.